Yadda Ake Mayar wa Babba Amsa a WhatsApp Idan Amsar Gyara Ce ko Uzuri

Amsa wa babba da "to, in sha Allahu za a yi" ba ya buƙatar koyarwa, domin duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya iya shi. Inda ƙafa ke zamewa shi ne ranar da babba ya rubuto abin da ba daidai ba ne, ko ya sa ka aikin da ba za ka iya ba, alhali amsar kuma dole ta bi ta waya. A gaba da gaba jiki ne ke ɗaukar rabin ladabin: ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya, ta yadda ko kalmar da ka faɗa ta ɗan yi kaushi, durƙuson ya riga ya tausasa ta. A rubuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka nauyin duka yana komawa kan kalmomin da ka zaɓa da wurin da ka ajiye su.

Zan bi da mai karatu ta wani lamari da ya same ni, domin matakan sun fi fitowa idan akwai saƙo na gaske a gabanmu. Ina aiki a Abuja, gidanmu kuma yana Gangare a Jos. Ana saura kwana tara ɗaurin auren ƙanwata, sai kawuna, yayan mahaifiyarmu, ya rubuta a zauren WhatsApp na dangin uwa, inda muke mu fiye da hamsin: "Assalamu alaikum. Ana sanar da kowa ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe 11 na safe a ƙofar gida. Kai na Abuja ka zo da mota tun Alhamis saboda ɗaukar baƙi." Matsala biyu ce a cikin saƙon. Baffanmu, wanda shi ne waliyyin amarya, ya riga ya mayar da ɗaurin auren ranar Juma'a da ƙarfe 2:30 a masallacin unguwa, a lokacin da Kawu yake tafiya, kuma ni ba zan samu izinin barin ofis ranar Alhamis ba.

Mataki na farko shi ne ka karanta saƙon har ƙarshe, ka sake karantawa, ka kuma riƙe yatsanka. Abin da ya fara zuwa mini in rubuta shi ne: "Ba Asabar ba ce fa, Juma'a ce. Ka duba kati." Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma da na aika da shi da na ƙaryata dattijo a gaban ƙannensa da 'ya'yansa da jikokinsa, na kuma ba shi umarni a kan hakan. Riƙe yatsa ba yana nufin yin shiru har gobe ba, domin da zarar ka buɗe saƙon, alamar nan mai shuɗi guda biyu tana iya nuna masa cewa ka gani, kuma a zaure yana iya dubawa ya ga sunayen waɗanda suka karanta. Manya da yawa ba su san cewa mutum yana iya buɗe saƙo yana tsakiyar taro ba. Abin da suka sani shi ne sun yi kira an ji, ba a amsa ba. Idan cikakkiyar amsa za ta ɗauki lokaci, sai ka fara aika ɗan gajeren saƙo da zai tsaya a matsayin "na'am". Ni abin da na rubuta a zauren ke nan: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kawu, barka da yamma. Na ga saƙo, Allah ya saka da alheri. In sha Allahu zan kira ku bayan isha'i." Ban gaskata ranar ba, ban ƙaryata ta ba, kuma kowa ya ga an amsa wa Kawu.

Bayan haka sai ka tabbatar da abin da kake shirin gyarawa. Na kira Baffa na ji daga bakinsa cewa Juma'ar tana nan, domin babu abin kunya kamar yaro ya gyara wa babba magana daga baya a gano yaron ne bai da labari.

Mataki na uku shi ne zaɓen wurin da amsar za ta sauka, kuma a ganina a nan ne yawancin matasa ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa da daɗin baki. Godiya da addu'a da amsa sallama na cikin zaure ne. Gyara da uzuri kuwa na keɓe ne, kamar yadda a gida ba a gyara wa dattijo zance a majalisa, sai an bi shi soro ko an raka shi bakin hanya. A WhatsApp, idan ka danne saƙon na ɗan lokaci za ka samu zaɓin `Reply privately`, wanda zai kai ka akwatinsa shi kaɗai tare da saƙon da kake amsawa, don kada ya rasa kan zancen. Daga nan sai ka auna ko rubutu ya dace, ko saƙon murya, ko kira. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda ya fi sabawa da ajami a kan boko, ko wanda ka san jikansa ne ke karanta masa saƙonni, murya ta fi masa, domin in ka rubuta to ka sani akwai mutum na uku a tsakani, kuma gyaran da ka ɓoye wa zaure ya faɗa hannun yaro. Murya kuma tana dawo da wani abu daga cikin durƙuson da waya ta ɗauke. Sai dai kada ta wuce minti ɗaya ko biyu, kuma kada ka ɗauke ta kana tuƙi ko kana tsakiyar hayaniyar tashar Nyanya, domin hayaniyar tana gaya masa cewa a tsaitsaye ka amsa shi. Rana da lokaci da adadin kuɗi, su kuma a rubuce ya kamata su tafi ko da an yi magana da baki, saboda a iya komawa a duba. Idan dare ya yi nisa, kamar bayan ƙarfe goma, bar shi zuwa bayan asuba, sai fa in lamarin gaggawa ne.

Daga nan sai kiran da za ka buɗe saƙon da shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da kake kiransa da shi a tsakar gida shi za ka rubuta, ba sunan da ke bayyana a wayarka ba. Ɗan'uwan uwa Kawu ne, ɗan'uwan uba Baffa ne ko Baba, 'yar'uwar uba Gwaggo ce, 'yar'uwar uwa kuma Inna ce ko Iya, gwargwadon al'adar gidanku. Wa ko ya sai a ce Yaya. Suruki da suruka ba a kama sunansu ko kaɗan, Baba da Mama ko Alhaji da Hajiya sun wadatar. A nan akwai tarkon da waya ta kawo wanda kakanninmu ba su san shi ba: idan ka buga alamar `@` don jawo hankalin mutum a zaure, sunansa ne zai fito ɓaro-ɓaro a cikin saƙonka, sai ka wayi gari ka kira surukinka da sunan yanka a gaban jama'a ba da niyya ba. Ga babba, gara ka amsa a kan saƙonsa kai tsaye ka rubuta laƙabinsa da hannunka.

A wajen dangi kuma kowane matsayi yana da nasa kiran, kuma musanya su kuskure ne da ake lura da shi. Malamin addini ana ce masa "Allah ya gafarta Malam", mahaddacin Alƙur'ani kuma Alaramma. Mai sarauta ana ce masa "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamaninka", a kuma kira shi da sarautarsa, ba da sunansa ba. Shugaba a ofis Yallaɓai ne ko "ranka ya daɗe", mace kuma "ranki ya daɗe" ko Hajiya. A Jos, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da unguwa ga ƙabilu da yawa, za ka yi hulɗa da dattawan da ba Musulmi ba a zauren maƙwabta ko na tsofaffin ɗalibai, kuma a wurinsu Baba da Mama tare da "ina kwana" ko "sannu da hutawa" sun fi dacewa da Alhaji da Hajiya. Idan dattijon Birom ne da aka saba kira da Da, ko dattijuwa da ake kira da Ngo, to riƙe masa wannan laƙabin, domin a harshensa girmamawa ce. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne tara laƙabi. Wanda ya rubuta wa kawunsa "Yallaɓai Alhaji ranka ya daɗe Allah ya ja zamaninka" bai ƙara ladabi ba, ya dai sa dattijon ya fara zargin ko roƙo ne ke tafe ko kuma ba'a ake yi masa. Laƙabi ɗaya na gaskiya ya isa.

Gaisuwa ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai a cika ta. Idan ya yi sallama, mayar da ita cikakkiya, domin aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko makamanciyarta, kuma haruffa huɗu na taƙaitawa da matasa ke aika wa juna ba su kai makamanciya ba. Sai gaisuwar lokaci, sai tambaya ɗaya ko biyu da ta shafe shi da gaske: jikin da yake fama da shi, gajiyar tafiya, ko sanyin Jos idan hunturu ne. Layi biyu ko uku sun isa, kuma a cikin saƙo ɗaya da maganar da ke tafe da kai. Kada ka aika "ina wuni" kaɗai ka zauna jiran ya amsa kafin ka faɗi dalili, domin hakan ya mayar da shi mai jiranka.

Yanzu ga wurin da ya fi cancantar a tsaya, wato ƙananan kalmomin da ke ɗauke da murya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka jimla ɗaya tana iya zama labari ko umarni. Idan ka rubuta "ka aiko da katin", a bakinka kana iya nufin cewa ya riga ya aiko, amma a idonsa yana iya karanta cewa kana umartarsa ya aiko. Da baki ba a rikicewa, domin "ka" ta farko doguwa ce, ta biyu gajera, amma a allon waya kamanninsu ɗaya. Maganin wannan yana cikin al'adar da muka gada ta kiran babba da jam'i. Idan ka ce "kun aiko da katin", babu mai ɗaukarsa umarni, domin umarnin "ku aiko" ne, kuma bambancin a bayyane yake a rubuce. Da "ku" ka samu girmamawa, ka kuma kauce wa ruɗani. Wasu gidajen ba su saba ce wa kawu ko baffa "ku" ba sai suruki, kuma idan gidanku haka yake ba dole ba ne ka ƙirƙiro sabon abu. Amma duk wanda ka fara da shi ka riƙe shi har ƙarshen saƙon, kada ka buɗe da "kun wuni lafiya" ka rufe da "sai ka kira ni". "Ranka ya daɗe" ita kam ana barinta yadda take.

Idan kuma akwai abin da kake so ya yi, to "a" ta fi "ku" laushi, domin ba ta nuna kowa da yatsa. "Ka duba kati" umarni ne, "ku duba kati" umarni ne mai hula, amma "ko za a duba kati" shawara ce da yake da ikon ɗauka ko bari. Haka nan wajen ambaton kuskure: "kun yi kuskuren rana" ta ɗora laifin a kansa, "an samu canjin rana" kuwa ta bar laifin ba mai shi.

Sai kalmomin nan da muke yayyafa wa magana ba tare da mun lura ba. "Fa" gargaɗi ce, "mana" ƙosawa ce, "ai" a farkon jimla tana nufin abin da ya kamata a ce ka sani, "kuma" a ƙarshen tambaya tana ɗauke da mamaki mai kama da tuhuma, kamar a "Asabar kuma?" Tsakanin abokai babu laifi, kuma da baki murmushi yana rufe su, amma a saƙon da za a aika wa babba ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka cire. Waɗanda za ka bari su ne masu sassauci: "dai", "ko", "wataƙila", "ina jin", "in ba damuwa". Haka kuma "na ji" ita kaɗai, da "to" ita kaɗai, suna karantuwa kamar amsar wanda aka dama. Ka ce "to Kawu, na ji, in sha Allahu" sai ta koma biyayya. Hoton babban yatsa a matsayin amsa ga dattijo kuwa daidai yake da ya yi maka magana ka gyaɗa kai kana tafiya.

Da waɗannan a hannu sai a gina saƙon, kuma jerinsa yana da muhimmanci: gaisuwa, sai godiya a kan abin da ya yi daidai, sai gyaran tare da inda ka samo shi, sai uzurinka tare da madadinsa, sai ka mayar masa da hukunci. Bayan isha'i na kira Kawu muka gaisa na yi masa bayani da baki, sannan na bi da wannan a akwatinsa:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, barka da dare, ya gajiyar tafiya? Allah ya saka da alheri da sanarwar da kuka yi wa dangi. Na yi magana da Baffa ɗazu, ya ce a lokacin da kuke tafiya an mayar da ɗaurin auren ranar Juma'a da ƙarfe 2:30 a masallacin unguwa, ina jin labarin ne bai riga ya iso ku ba. Batun mota kuma, ina neman afuwa, ba a ba ni izinin Alhamis a wurin aiki ba, amma in Allah ya yarda zan taso bayan sallar asuba ranar Juma'a ta Keffi da Akwanga, in iso kafin a tafi masallaci. Don kada baƙi su rasa abin hawa ranar Alhamis, zan turo kuɗin hayar bas idan kun ga hakan ya yi. Duk yadda kuka ce haka za a yi. Allah ya ƙara girma da lafiya."

A lura da abin da kowane yanki ke yi. Ambaton Baffa ya sa gyaran ya fito daga sa'ansa ba daga ɗan ƙanwarsa ba, ni ɗan aike ne kawai. Ambaton tafiyarsa ya ba shi mafita ta gaskiya, domin ba mantuwa ya yi ba, ba a gaya masa ba ne. Uzurin ya zo da dalili ɗaya tak, saboda jera dalilai uku ko huɗu yana sa a ji kamar ana neman hanyar zillewa. Kuma ban rubuta "in sha Allahu zan duba" ba alhali na san ba zan zo ba. Wannan ita ce kunyar da ke cutar da mu: a guje wa cewa a'a yau, a bar dattijo ya shirya baƙi a tashar Bauchi Road suna jiran motar da ba za ta zo ba. Ƙin da aka faɗa da wuri tare da madadi ya fi masa amfani, ya kuma fi kusa da girmamawa. Abu na ƙarshe da na bari da gangan shi ne sanar da zaure. Ban koma can na rubuta sabuwar rana ba, na bar masa ya gyara sanarwarsa da kansa, domin shi ya yi ta.

Kafin ka danna aikawa, karanta saƙon a bayyane da muryar wanda ransa ya ɓaci, ka ji ko akwai jimlar da za ta iya juyewa. Duba kuma abin da madannin waya ya sauya maka, domin idan an saita shi a Turanci yakan mayar da kalmomin Hausa wasu abubuwa dabam. Raba kalmomi yadda ya kamata, ka rubuta "na gode" cikakke, ka bar taƙaice-taƙaicen da kuke yi da abokai. Idan bayan aikawa ka hango kuskuren harafi, WhatsApp yana ba da damar `Edit` cikin minti 15. Amma idan lafazin ne ya yi kaushi kuma ya riga ya karanta, kada ka ruga zuwa `Delete for everyone`, domin zai bar masa `This message was deleted` a wurin, shi kuma ya riga ya ga abin da ke ciki, sai ya zama ka yi jifa ka ɓoye hannu.

Yadda za ka gane cewa amsarka ta yi ciwo ba wuya, in ka san dattijon. Wanda ya saba rufe saƙo da "Allah ya yi albarka" sai ka ga ya rubuto "to" ko "madalla" kawai. Wanda ya saba kiranka da laƙabin gida sai ya kira ka da cikakken sunanka, ko ya ce maka "ranka ya daɗe", wanda daga babba zuwa yaro sau da yawa gatse ne. Wani kuma ba zai ce komai ba, sai washegari mahaifiyarka ta kira ta tambaye ka abin da ya haɗa ka da yayanta. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ƙara wani dogon rubutu na bayanin abin da kake nufi, domin rubutun ne ya jawo matsalar tun farko. Kira shi, ka gaisa, ka ce "Kawu, na ga kamar maganata ba ta fito daidai ba, a yi mini afuwa", ka yi shiru ya faɗi nasa har ya gama. Idan a zaure ka yi kuskuren, to bayan kiran ka koma zauren ka rubuta layi ɗaya na ban haƙuri, saboda waɗanda suka shaida laifin su shaida gyaran.

Ni dai a nawa lamarin, da safe bayan an fito masallaci Kawu ya rubuta a zaure cewa an samu canji, ɗaurin aure ranar Juma'a ne da ƙarfe 2:30, kowa ya sanar da na kusa da shi. A akwatina kuma ya aiko da muryar daƙiƙa ashirin, ya ce in bar kuɗin bas, maƙwabcinsa zai ba da motarsa ranar Alhamis, ni dai in yi ƙoƙari in taso da wuri in kuma yi a hankali a hawan Kibo.